Yadda ɗan haya zai kauce wa sharaɗin sabunta haya kai tsaye

Yawancin 'yan haya rana ɗaya suke riƙewa a ka, ranar da kuɗinsu zai ƙare. A takardar haya mai sharaɗin sabuntawa kai tsaye akwai wata rana da ta fi wannan nauyi, kuma takan zo wata biyu ko uku ko shida kafin ƙarewar kuɗin. Ita ce rana ta ƙarshe da za ka iya sanar da mai gida cewa ba za ka ci gaba ba. Idan ta wuce ba ka ce uffan ba, takardar da ka sa wa hannu ta ɗaure ka da wata shekara, ko kana cikin gidan ko ka kwashe kayanka. Na daɗe ina duba wa mutane irin waɗannan takardu, na shaguna da na gidaje, kuma abin da zan bayyana a nan ya shafi yadda ake yi a Najeriya. Wanda yake haya a Nijar ko Ghana ko Kamaru zai amfana da matakan, amma wa'adin da doka ta yanka a can daban ne.

Abin da za ka tanada

Abu na farko shi ne cikakkiyar takardar yarjejeniya, wadda take ɗauke da sa hannunka da na mai gida. Hoton shafin farko da na ƙarshe da ejan ya turo maka a waya bai isa ba, domin sharaɗin da muke nema kusan kullum a tsakiya yake. Sai duk rasit ɗin kuɗin haya da ka taɓa biya, ko shaidar tura kuɗi ta banki. Sai kalanda ta takarda da biro, da wayarka don saka tunatarwa. Sai cikakken sunan mai gida da adireshinsa kamar yadda aka rubuta a takardar, da na ejan ko lauyan da yake karɓar masa haya. Idan lokacin kai notis ya zo za ka buƙaci mutum ɗaya baligi da zai raka ka ya zama shaida, kuma ya fi kyau ya kasance ba ɗan gidanku ba.

Idan ba ka karanta Turanci sosai, ka nemi wanda zai karanta maka, amma kada ya zama ejan ɗin da ya kawo takardar. Ba lallai ne ya cuce ka ba, sai dai shi kuɗinsa yana cikin ka sa hannu, kuma a wajen bayani zai yi sauri a daidai wurin da ya kamata a tsaya.

Wanda ba a taɓa ba shi kofi ba, ya nema yanzu, a rubuce, tun ana ga maciji da juna. Neman takarda bayan an fara rigima wahala ne.

Mataki na 1: Nemo sharaɗin

Ka karanta takardar daga farko har ƙarshe, ka ja layi a duk inda aka yi maganar tsawon wa'adi, ko sabuntawa, ko notis, ko ƙarin kuɗi. Ba koyaushe ake tara su wuri ɗaya ba. Sau da yawa za ka ga shafin farko ya ce hayar shekara ɗaya ce, hankalinka ya kwanta, sai can a shafi na huɗu, cikin jerin abubuwan da ɓangarorin biyu suka amince da su, a ce idan ba a ba da notis ba hayar ta sake sabon zagaye.

Idan takardar tana cikin wayarka ko kwamfuta, ka buɗe wurin bincike ka rubuta waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya:

```
renew
notice
terminate
option
deemed
```

Duk inda ɗaya daga cikinsu ta fito, ka karanta sakin layin gaba ɗaya, da wanda yake gabansa da wanda yake bayansa. Idan hoton takarda ne aka ɗauka, binciken ba lallai ya yi aiki ba, sai ka bi da ido.

Mataki na 2: Gane wane iri ne

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin abubuwa uku ne masu kama da juna amma kowanne da abin da yake so daga gare ka.

Na farko shi ne sabuntawa kai tsaye. Ma'anarsa ita ce shirunka amincewa ne. Takardar za ta ce wani abu kamar haka: idan wa'adi ya cika hayar za ta sabunta da kanta na wata shekara, sai fa idan ɗaya daga cikin ɓangarorin ya ba ɗayan notis a rubuce aƙalla wata uku kafin cikar wa'adin. A nan, mai son fita shi ne zai yi magana.

Na biyu shi ne zaɓin sabuntawa, kuma kishiyar na farko ne. Takardar tana ba ka damar ƙara wani wa'adi idan ka nema a rubuce kafin wata rana. Idan ka yi shiru, hayar ta ƙare a ranarta, ba wanda zai bi ka bashi. Haɗarin da ke nan na mai son zama ne: ɗan kasuwar da ya yi shekaru yana tara kwastomomi a shago, ya manta bai nema ba, sai mai gida ya ba wani.

Na uku shi ne takardar da ba ta ce komai ba game da sabuntawa. Hayar da aka yanka wa wa'adi, aka rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa, tana ƙarewa da kanta idan ranar ta zo. Amma idan ka ci gaba da zama, ka biya kuɗin wata shekara, mai gida ya karɓa, doka tana iya ɗaukar ka ɗan hayar shekara-shekara. Daga nan fita sai da notis. Dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya da ake aiki da ita a Abuja, da Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, duk sun yanka wa'adin notis idan ɓangarorin ba su rubuta nasu ba: wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata uku ga mai biyan wata uku-uku, wata shida ga mai hayar shekara-shekara. Kowace jiha da tata dokar, don haka ka tambayi lauya a jiharka, amma ka lura da abu biyu. Wannan wa'adi ba kan mai gida kaɗai yake ba, ya hau kan duk wanda yake so ya kawo ƙarshen hayar, har da kai. Kuma yana aiki ne kawai inda takarda ta yi shiru. Idan kun rubuta wata uku kun sa hannu, wata ukun kotu za ta duba.

Waɗannan abubuwa biyu su ne suka sa ba na son jin ɗan haya yana cewa "ai doka ta ba ni wata shida." Wata shidan nan mutane sun haddace shi a matsayin kariya idan mai gida ya zo korar su, ba su san yana iya juyowa kansu ba ranar da su ne suke son tashi.

Mataki na 3: Fitar da abu biyar daga cikin sharaɗin

Idan ka tabbatar naka irin na farko ne, ka ɗauki farar takarda ka rubuta amsar waɗannan tambayoyi da hannunka. Na wane tsawon lokaci hayar za ta sabunta, shekara ɗaya ko daidai da wa'adin farko? Wanda ya kama shago na shekara biyu zai iya tarar da cewa wasu shekaru biyun ne suka hau kansa. A kan wane kuɗi, tsohon ko da ƙari? Notis na kwana ko wata nawa ake so? Ta wace hanya za a kai shi? Kuma wa za a ba?

Tambayoyi biyu na ƙarshe su ne aka fi rainawa, kuma su suka fi kayar da mutane. Idan takarda ta ce notis a rubuce, gaya wa mai gida da baki a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a ba notis ba ne, ko da ya ce "ba komai, Allah ya sa a tashi lafiya." Idan ta ce a kai ofishin lauyan mai gida, miƙa wa maigadi ko yaron da yake karɓar kuɗin shara bai wadatar ba. Wasu takardun sukan ƙara da cewa wasiƙar da aka aika ta gidan waya ana ɗaukar ta isa ne bayan kwana kaza da aikawa. Wannan ma ka rubuta shi, domin zai shiga lissafi.

Ka duba kuma ko an yi wa notis ɗin iyaka ta gaba. Akwai takardun da suke cewa kada notis ya gaza wata uku kuma kada ya wuce wata shida kafin cikar wa'adi. A irin wannan, wanda ya yi gaggawa ya kai notis tun wata takwas ya rage, shi ma ana iya cewa bai bi sharaɗi ba.

Mataki na 4: Lissafa ranar

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata tela ta kama shago a Kaduna kan naira 600,000 a shekara. Hayar ta fara ranar 1 ga Afrilu 2026, za ta ƙare ranar 31 ga Maris 2027. Takardar ta ce hayar za ta sabunta da kanta na shekara ɗaya, da ƙarin kashi 20 cikin ɗari, sai idan an ba da notis a rubuce aƙalla wata uku kafin cikar wa'adi, a kai hannu da hannu ofishin ejan ko a aika ta gidan waya da rajista, kuma wasiƙar gidan waya ana ɗaukar ta isa bayan kwana bakwai.

Ana ƙirgawa ne da baya daga ranar ƙarewa. Maris wata ɗaya, Fabrairu biyu, Janairu uku. Ke nan dole notis ɗin ya kasance a hannun ejan kafin Janairu ya kama, wato zuwa 31 ga Disamba 2026. Ka lura, a hannunsa, ba a jakarta ba. Idan ta gidan waya za ta aika, sai a sake cire kwana bakwai, ranar aikawa ta ƙarshe ta zama 24 ga Disamba.

Wannan ita ce ranar da takarda ta ba ta, amma ba ita za ta yi aiki da ita ba. Ƙarshen Disamba lokacin hutu ne, ranakun 25 da 26 ba aiki, ofisoshin ejan da na lauyoyi da yawa suna rufewa har sai an shiga sabuwar shekara. Sannan akan yi gardama kan ko ranar da aka kai notis tana cikin lissafi ko ba ta ciki, kuma ba ka so makomar kuɗinka ta rataya a kan kwana ɗaya. Ni abin da nake gaya wa mutane shi ne su ja ranar baya da wata guda cur. Ita wannan tela ranarta ita ce 1 ga Disamba 2026.

Ga abin da zai faru idan ta yi sakaci. A ce sai a watan Fabrairu ta samu shago mai sauƙi kusa da gida, ta je ta gaya wa ejan za ta tashi ƙarshen Maris. Ejan zai buɗe takarda ya nuna mata cewa tun 31 ga Disamba ƙofa ta rufe. Kashi 20 na 600,000 shi ne 120,000, don haka za a neme ta da naira 720,000 na shagon da ba ta ciki, ga kuma hayar sabon wurin. Idan ta ajiye kuɗin ɓarna a hannunsu lokacin shiga, wannan shi za su fara riƙewa. Idan akwai wanda ya tsaya mata ya sa hannu, shi ma za su iya bi ta kansa, gwargwadon yadda aka rubuta tsayawar tasa.

Idan takardarka kwana ta ambata ba wata ba, kamar kwana 60 ko 90, ka ƙirga a kalanda ɗaya bayan ɗaya, kada ka ce ai kwana 90 wata uku ne, domin watanni ba tsawonsu ɗaya ba. Haka kuma ka tabbatar da wace kalanda ake nufi. Akwai dattawan da har yanzu da watan Musulunci suke lissafin hayarsu, kuma shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana goma sha ɗaya. Idan takarda ta rubuta rana da wata na Miladiyya, shi ke nan. Idan yarjejeniyar baki ce aka ce "daga azumi zuwa azumi," ku zauna ku tsayar da rana.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne ƙirgawa daga ranar da aka shiga gida, ko ranar da aka biya kuɗi. Mutum zai biya a Afrilu, a tsaya fenti da gyaran famfo, ya tare a Mayu, sai ya riƙa ganin shekararsa daga Mayu take farawa. Ranar da aka rubuta a takarda ita ce abin bi, sai dai in kun canza ta a rubuce.

Mataki na 5: Saka tunatarwa tun ranar sa hannu

Ka rubuta ranar da ka lissafa da jan biro a saman shafin farko na kofinka. Ka saka ta a waya sau biyu: ɗaya wata biyu kafin ranar, don ka fara tunanin zama ko tashi ka kuma fara duba wani wuri, ɗaya a ranar kanta. Waya tana ɓata ko ta lalace, don haka ka gaya wa wani a gida, ko abokin kasuwancinka. Kada ka jira mai gida ya tuna maka. Idan takarda ba ta ɗora masa wannan ba, shirunka riba ce gare shi.

Mataki na 6: Rubuta notis

Notis ba ya son dogon bayani. Ba wurin ƙorafi ne kan rufin da yake yoyo ko mitar wuta ba, wannan a yi masa wasiƙa daban. Ga abin da ya ishe ka, ka cike da naka bayanin:

"Zuwa ga Alhaji Wane, mai shago mai lamba kaza, titi kaza. Ni Wance, 'yar haya a wannan shago bisa yarjejeniyar da muka sa wa hannu ranar kaza, ina sanar da kai bisa sashe na kaza na yarjejeniyar cewa ba zan sabunta haya ba. Hayata za ta ƙare ranar 31 ga Maris 2027, kuma zan miƙa makulli a ranar ko kafin ta. Ina roƙon a sa ranar da za a zo duba shagon tare da ni, da ranar da za a mayar mini da kuɗin ajiyata."

Sai kwanan wata da sa hannu. Idan yarjejeniyar da Turanci take, a rubuta notis ɗin da Turanci, ka ajiye fassarar Hausa don kanka. Sunan da ke kan yarjejeniya shi zai sa hannu. Idan da sunan mijinki aka kama shagon, shi zai rubuta, ko da ke ce kike zama a ciki. Idan da sunan kamfani ne, a rubuta a takardar kamfanin, wanda yake da ikon sa hannu ya sa. Idan ku biyu ne kuka kama, ku sa hannu ku biyun.

Ka guji kalmomin da suke barin ƙofa a buɗe. "Ina tunanin tashi," ko "wataƙila ba zan ci gaba ba idan ba a rage kuɗi ba," duk ba notis ba ne, ciniki ne. Idan kana son zama amma ba a kan sabon kuɗin ba, dabarar ita ce ka ba da notis tsayayye a kan lokaci, sannan ka buɗe maganar ragi daban. Idan kun daidaita sai ku rubuta sabuwar yarjejeniya. Sai dai ka sani wannan yana da nasa haɗarin: da zarar ka ba da notis, mai gida yana da damar ya ba wani, kuma ba dole ne ya yarda ka janye ba. Ka auna wanne ya fi maka ciwo, rasa wurin ko ɗaukar ƙarin kuɗin.

Mataki na 7: Kai shi, ka dawo da shaida

Ka buga kofi biyu. Ka je da shaidarka wurin da takarda ta ce, ka miƙa ɗaya, wanda ya karɓa ya rubuta sunansa da kwanan wata ya sa hannu a kan ɗayan, idan ofis ne a buga hatimi. Wannan kofi na biyu shi ne dukiyarka. Ka ɗauki hotonsa nan take, ka ajiye asalin tare da yarjejeniyar.

Wani lokaci za a ƙi karɓa, ko a ce maigidan ya yi tafiya ka dawo wani mako, wani makon ma a ce haka. Kada ka biye wa wannan, kwanakinka ne suke tafiya. Ran da aka fara yi maka haka, shaidarka ya rubuta rana da lokaci da wanda kuka tarar, ka wuce gidan waya ka aika da rajista, ko ta kamfanin kai saƙo da yake ba da takardar shaidar isarwa. Ka riƙe rasit ɗin. Wannan shi ne amfanin watan da muka ja baya.

Bayan haka ka tura hoton notis ɗin ta WhatsApp ko imel zuwa ga mai gida da ejan. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a gabatar da saƙonnin waya da na kwamfuta a kotu idan an cika sharuɗɗanta, don haka yana da amfani. Amma ƙari ne a kan hanyar da yarjejeniya ta faɗa, ba madadinta ba, sai idan ita yarjejeniyar ce ta ce an yarda da shi.

Idan mai gida ya rasu, ko an sayar da gidan, ka kai notis ga wanda yake karɓar haya yanzu, ka kuma aika kofi zuwa adireshin da ke cikin takarda. Inda magada suke jayayya, kowanne yana cewa shi za a ba, ka ba kowa kofi, ka nemi shawarar lauya.

Mataki na 8: Kada ka warware notis ɗinka da hannunka

Mutum zai yi komai daidai, sannan ya ɓata a ƙarshe. Idan ka ba banki umarnin tura haya duk shekara ko duk wata, ka soke shi. Idan ka ba da cek mai kwanan wata na gaba, ka karɓo. Kuɗin da ya shiga asusun mai gida na lokacin da ya biyo bayan wa'adi ana iya kafa hujja da shi cewa ka ci gaba.

Ka fita a ranar ko kafin ta, da kayanka gaba ɗaya. Barin keken ɗinki biyu da kwalaye a ciki da kwado a ƙofa, da niyyar za ka dawo ka kwashe bayan sallah, zama ne a idon mai gida. Idan sabon wurin bai kammala ba kana buƙatar mako biyu, ka nema a rubuce, a amsa maka a rubuce, a faɗi kuɗin kwanakin, a kuma rubuta cewa wannan ba sabunta haya ba ne.

Ranar miƙa makulli ku zaga wurin tare da ejan, ka ɗauki hoto da bidiyo na bango da ƙofofi da banɗaki da lambar mita. Ya rubuta maka cewa ya karɓi makulli guda kaza a rana kaza. Makullin da aka bar wa maƙwabci "ya ba shi idan ya zo" ya jawo rigima fiye da yadda za ka zata.

Idan ranar ta riga ta wuce

Kada ka kwashe kaya da dare ka kashe waya. Wannan yana mayar da maganar da za a iya sasantawa ta zama ƙara, kuma yana jefa wanda ya tsaya maka cikin abin da bai ji bai gani ba.

Ka fara sake karanta takardar, ko akwai sashen da ya ba ka damar yanke haya a tsakiyar wa'adi da notis na wata ɗaya ko uku. Ka duba kuma ko sabuntawar ta rataya a kan wani abu da mai gida zai yi, kamar ya sanar da sabon kuɗi a rubuce kafin wata rana. Idan bai yi ba, kana da abin faɗa. Haka idan takardar ta ce za a sabunta "a kan kuɗin da za a daidaita" ba tare da faɗin yadda za a tsayar da shi ba, wannan wuri ne da lauya zai so ya gani.

Daga nan ka je wurin mai gida da tayi a hannu. Abin da yake tsoro shi ne wurin ya zauna ba kowa, don haka tayin da ya fi karɓuwa shi ne ka kawo masa wanda zai maye gurbinka, ya amince da shi, a rubuta masa sabuwar takarda da sunansa. Kada ka saka wani a ciki da kanka ba da izini ba, yawancin takardu sun hana, kuma duk ɓarnar da ya yi kai za a tambaya. Wani tayin shi ne ka biya hayar wata biyu ko uku a sallame ka. A misalin telar nan, 720,000 a raba goma sha biyu ya ba da 60,000 a wata, ke nan wata uku 180,000 ne. Da zafi, amma ya fi 720,000 sauƙi. Duk abin da kuka daidaita a kai a rubuta shi, a ce mai gida ya karɓi wurinsa kuma ba ya bin ka komai daga rana kaza, ku sa hannu da shaidu. Idan bayan ka fita ka ga an zuba sabon ɗan haya a ciki alhali ana neman ka da kuɗin shekara, ka ɗauki hoto ka rubuta ranar, domin mai gidan da ya karɓi makulli ya ba wani haya da wuya ya iya cewa har yanzu hayarka tana nan.

Inda magana ta ƙi, a sa mai unguwa ko shugabannin kasuwa, su sukan san mai gidan fiye da yadda ka san shi. Akwai kuma zauren sasanci da ke ƙarƙashin babbar kotu a wurare irin su Kano da Abuja da Legas. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tuntuɓi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa da ke jiharsa, su gaya masa ko lamarinsa yana cikin waɗanda suke ɗauka.

Ga wanda bai sa hannu ba tukuna

Kai ne ka fi kowa sauƙi, domin kafin ka biya kuɗi maganarka tana da nauyi. Ka nemi a ba ka takardar ka kwana da ita kafin ka tura ko sisi. A nan garuruwanmu an saba a biya tukuna, a kawo takarda daga baya, wani lokaci bayan an tare da wata guda, lokacin da ba ka da sauran abin ciniki.

Idan ka ga sharaɗin, ka nemi ɗaya daga cikin uku. Ko a cire shi a mayar da shi zaɓi, wato haya ba za ta sabunta ba sai ka nema a rubuce. Ko a bar shi amma bayan wa'adin farko hayar ta koma wata-wata, kowa ya iya fita da notis na wata ɗaya. Ko, idan mai gida ya kafe, a ƙara layi ɗaya cewa sai ya tuna maka a rubuce wata guda kafin ranar notis ta cika, idan bai yi ba sabuntawar ba ta hau kanka ba. Masu gida da yawa sukan yarda da na ukun, domin ba ya rage musu komai. Ka nemi kuma a rubuta kuɗin sabuwar shekara da lamba ko da kaso sananne, kada a bar shi "yadda mai gida ya ga dama."

Duk gyaran da aka yi da biro, ku biyun ku sa hannu a gefensa, a kofinka da nasa. Idan ejan ya ce "wannan ai rubutu ne kawai, Alhaji ba ya aiki da shi," ka ce masa to tunda ba a aiki da shi a soke shi yanzu, ka miƙa masa biro.